Blender ko Maya? Kafin ka kashe kuɗi a kan rigin ɗin hannun robot

Wani ƙanena da ke karatu nan Jos ya tare ni a Taminus wai malaminsu ya ba su aikin animeshon na hannun robot, irin na masana'anta mai ɗauko kaya ya ajiye, wace manhaja zai saya? Na ce masa maida kuɗinka aljihu tukuna.

Maya manhaja ce mai kyau, manyan situdiyo da ita suke aiki, amma Autodesk haya suke ba ka ita, kana biya da dala, sai dai in makarantarku ta cancanci lasisin ɗalibai. Cinema 4D ma hayar ce. Auto-Rig Pro da ake ta yabo kuwa an yi shi ne don mutum da dabba, hannun robot bai kai ka saye shi ba.

Ni dai Blender. Kyauta ce tun 2002, kuma duk abin da aikin ke buƙata yana ciki. Rigin ɗin ƙanen nawa da muka yi, wato ƙasusuwan da ake sa wa hannun don ya motsa, ƙashi huɗu ne kawai: gindi mai juyawa, dantse, sangalin hannu, sai wuyan hannu mai riƙe kaya. Kafin komai a danna Ctrl+A a zaɓi All Transforms, in ba haka ba sikel zai ba ka wahala a gaba. Lokacin jera ƙasusuwan kar ka miƙe su sambal, ɗan lanƙwasa gwiwar hannun kaɗan, da wannan IK, wato tsarin da ke sa in ka ja ƙarshen hannu sauran gaɓoɓin su bi, yake gane ɓangaren da zai karya. Sai ka ƙara ƙashi na biyar a wuyan hannu wanda shi za ka riƙa ja, ka raba shi da sauran da Alt+P, ka cire masa Deform. A Pose Mode ka zaɓe shi, ka riƙe Shift ka zaɓi sangalin, sai Shift+I.

Chain Length yana zuwa a 0, ma'ana har tushe zai ja, mu 3 muka sa, sangali da dantse da gindi. Da muka ja sai hannun ya yi ta murɗewa kamar maciji saboda kowace gaɓa tana juyawa ta ko'ina, alhali ƙarfe a kan fin ɗaya yake juyawa. Maganin yana ƙarƙashin Inverse Kinematics a saitin ƙashi: gindi ka kulle X da Z ka bar Y, don Y ne tsawon ƙashi a Blender, dantse da sangali kuma ka bar musu X kaɗai. In ka ga gwiwar ta karya ta gefe, Roll ɗin ƙashin ne ya karkace, gyara shi a Edit Mode.

Wajen haɗa jiki da ƙashi nan na taɓa ƙonewa. With Automatic Weights an yi shi ne don fata da nama, yana raba nauyi tsakanin ƙasusuwa biyu, sai ka ga ƙarfe yana lanƙwashewa kamar tiyon ruwa. Kwana biyu na yi ina goge fenti da burushi ga NEPA na ɗauke wuta, ashe hanyar ce ba daidai ba. Zaɓi jikin, ka riƙe Shift ka zaɓi ƙasusuwan, ka danna Ctrl+P ka zaɓi With Empty Groups, ka shiga Edit Mode na jikin, cire duk wani zaɓi da Alt+A kafin kowane yanki, ɗora linzami kan yanki ɗaya ka danna L, zaɓi gurup mai sunan ƙashinsa ka yi Assign da nauyi 1.0. A Weight Paint kowane yanki ya zama ja zur ko shuɗi, in ka hango kore ko rawaya a jikin ƙarfe to akwai gyara. Wayar lantarki da robar da ke rufe gaɓa ne kawai suke son fenti mai sirki.

Yanzu maganar 'yan damfara, don Allah ku ji ni. Wani mai shago ya taɓa sa min Maya ta kirak a filas, wai "orijinal ce oga", sati bai zagayo ba laftop ta fara zafi, fayilolina suka ƙi buɗuwa. Akwai kuma masu sayar da Blender kanta, kayan kyauta fa! Daga blender.org kawai za ka sauke, ka rubuta adireshin da hannunka, kar ka bi talla don akwai shafukan bogi masu kama da shi sak. Haka masu tallan hannun robot wai an gama masa rigin, ka biya ka buɗe ka tarar babu IK ko ɗaya, ko ƙashi na tafiya jiki na tsaye. Ka ce a turo maka bidiyon da ake jan ƙashin sarrafawa hannun yana bi, ba hoto ba. Kuma fayil ɗin .blend yana iya ɗauke da Python a ciki, shi ya sa Auto Run Python Scripts yake zuwa a kashe. In ka buɗe fayil ɗin baƙo ya nemi izini, kar ka danna Allow Execution, hannun robot mai ƙashi biyar ba ya buƙatar komai irin wannan.