Sharhi: injin rabin doki da ya cika mini tanki cikin minti 40

Wata bakwai ke nan ina amfani da wannan injin tura ruwa a gidana da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ya ga zafin Afirilu, ya ga damina, don haka yanzu zan iya faɗin abin da na gani.

Gidan bene ne mai hawa ɗaya. Muna da ma'ajiyar ruwa a ƙasa, wadda ruwan famfo ke shiga in ya zo, in bai zo ba mu kira tanka. Daga nan inji ke tura shi zuwa tankin lita 2,000 da ke saman bene. Tsohon injina irin ƙananan nan ne masu siririyar farfela mai haƙora a gefe, ƙarfinsa rabin doki. A jikinsa an rubuta H max 35 m da Q max 35 L/min. Na ɗauka a kowane minti lita 35 za ta hau sama, tanki ya cika kafin awa ɗaya. Awa biyu yake ɗauka. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, sai uwargida ta aika a kira ɗan ga-ruwa.

Da na je kasuwa, mai shago bai ma bari na gama bayani ba. "Alhaji, ka ɗauki mai doki ɗaya ka huta." Saura kaɗan in biya. Wani maƙwabcina dattijo, wanda ya yi shekaru yana aikin ruwa kafin ya yi ritaya, shi ya ce in dakata mu auna tukuna.

Da jarka muka fara. Muka hau bene, muka cire bututu daga bakin tanki, muka tara jarka mai lita 25. Ta cika cikin daƙiƙa 90, wato kusan lita 17 a minti. Sai ya fahimtar da ni cewa lambobin nan biyu ba sa haɗuwa. Mita 35 ita ce iyakar tsayin da injin zai kai ruwa, kuma a can ko ɗigo ba ya fita. Lita 35 kuwa sai in babu hawa ko kaɗan. Aikin gaske yana tsakaninsu, kuma yawan tsayi, ƙarancin ruwa.

Sai muka lissafa tsayin da injin ke fama da shi. Ba daga inda injin yake ake farawa ba, daga fuskar ruwan ma'ajiya ne lokacin da ya yi ƙasa, zuwa bakin tanki. Namu mita 2 ƙasa, mita 9 sama, 11 ke nan. Na ce, "Baba, to ai 11 ba ta kai 35 ba." Ya nuna mini bututun da ya bi bango ya ce ga ɓarawon nan.

Mai aikin famfon da ya yi mana aiki tun farko bututun rabin inci ya sa. Tsawonsa mita 30, da gwiwa takwas da bawul biyu, waɗanda dattijon ya ƙiyasta a matsayin ƙarin mita 10, jimla 40. Ruwa na gogar cikin bututu yana tafiya, kuma inji na jin wannan gugar tamkar an ƙara wa gidan tsawo. Ni buƙatata lita 40 a minti, don tanki ya cika cikin minti 50. A wannan gudu, bututun roba mai faɗin ciki kamar milimita 16 yana cin kusan mita 29 a wannan tsawon. Haɗa da 11, ka sami mita 40, abin da ya fi ƙarfin injin gaba ɗaya. Bututun inci ɗaya, mai faɗin ciki milimita 25, abin da zai ci bai wuce mita 3 da 'yan kai ba. Na sa ya sake lissafin don ban yarda ba. Haka abin yake: gugar na ninkuwa kusan sau huɗu in ka ninka gudun ruwa sau biyu, kuma in ka ninka faɗin bututu sau biyu tana raguwa kusan sau talatin.

Ashe abin da nake nema inji ne da zai ba da lita 40 a tsayin mita 14 zuwa 15, ba mai babbar lamba ba. Na koma kasuwa ina tambayar takardar da ke cikin kwali, wadda ke nuna lita nawa inji ke bayarwa a kowane tsayi. Shago uku ban samu ba, kuma injin da ba shi da wannan jadawalin ban ko ɗaga shi ba. Wanda na saya mai faffaɗar farfela ne a cikin gida mai kama da katantanwa. Shi ma rabin doki ne, iyakar tsayinsa mita 23 kacal, amma jadawalinsa ya nuna lita 60 a mita 17. Mai shago ya yi ta mamakin yadda zan ƙara kuɗi in sayi abin da lambarsa ta fi ta tsohon ƙanƙanta.

Muka canza bututu zuwa inci ɗaya, muka rage gwiwoyi biyu. Jarkar nan ta cika cikin daƙiƙa 30. Lita 50 a minti, tanki ya cika cikin minti 40.

A lissafin dattijon, da inji kaɗai na canza na bar tsohon bututu, lita 22 zan samu. Da bututu kaɗai na canza, 23. Mai doki ɗayan nan kuwa a kan rabin inci zai tsaya wajen lita 34, yana shan wuta ninki biyu, mafi yawan ƙarfinsa na ƙarewa a gugar bututu. Ga mai janareto ko sola, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sabon injin yana da aibunsa. Ba ya jawo ruwa da kansa in iska ta shiga. Sau biyu bawul ɗin da ke ƙasan bututun tsotso ya riƙe tsakuwa, ruwa ya koma ma'ajiya cikin dare. Da safe inji na juyawa da wata ƙara mara nauyi, sama shiru. Sai ka kashe, ka kwance ƙusar da ke samansa, ka ɗura ruwa har ya tumbatsa. In ka bar shi yana gudu a bushe, abin da ke hana ruwa yoyo ta wajen sandar farfela zai ƙone. Haka kuma in wuta ta zo da rauni yakan yi gurnani, jikinsa ya yi zafi, ni dai kashe shi nake yi. Bawul mai ƙwallo da ke bakin tanki ma sai da na cire, domin ƙofarsa ƙarama ce tana shaƙe ruwan. Na sa makunni mai iyo wanda ke kashe inji in tanki ya cika.

Wani abu da na ji daɗinsa: tsohon in ya kwana biyu ba a kunna ba farfelarsa kan cije, sai an zura sukundireba ta baya an juya. Wannan ko sau ɗaya bai yi ba.

Ga gida irin nawa, mai hawa ɗaya da ma'ajiya kusa, zan sake sayensa. Ƙanena da ke gina hawa uku a Daura na ce masa kada ya kwaikwaye ni. Tankinsa zai kai mita 17 daga fuskar ruwa, in aka ƙara guga ya matso kusa da iyakar mita 23, inda ruwan ke tsinkewa ya koma kamar na buta. Ranar Asabar zan kai masa jarkar da igiyar awo.