Ots guda, tasiri biyu: mai danƙo da mara danƙo

A ɗauki kwano biyu na ots, wani hatsi dangin alkama, sitaci ɗaya, awo ɗaya. Na farko ƙwayarsa a farfashe take kawai, na biyu an niƙe shi, an sarrafa shi har ya dahu cikin minti ɗaya.

A kwanon farko, zaren abinci mai narkewa a ruwa, wato beta-gulukan, yana shan ruwa ya yi yauƙi kamar kamu. Wannan kaurin yana jinkirta fitar abinci daga ciki, ya hana sinadaran narkarwa saurin isa ga sitaci, sannan sukarin da ya fito ya daɗe kafin ya taɓa bangon ƙaramin hanji. Sai ya shiga jini sannu a hankali, insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, shi ma ya fito kaɗan-kaɗan.

Na biyun kuwa sitacinsa a buɗe yake, don haka sukari kan hau da wuri. Ni na fi son na farkon. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce ana bukatar giram 4 na beta-gulukan ga kowane giram 30 na kabohaidiret kafin tasirin ya tabbata, abin da kwano ɗaya ba ya cika kaiwa.