Masu tayil ɗin da suka yi min rumfa a Gesse: yaron shago ya fi maigidansa

Na yi wata biyu ina ɗage wannan sharhi saboda na rasa inda zan ajiye mutanen nan. Rumfa ce na gina a tsakar gidana a Gesse, nan Birnin Kebbi, irin mai kusurwa takwas ɗin nan da ake zama a ciki da yamma a sha iska. Magini ya gama nasa, saura daɓe. Wani abokin aikina ya haɗa ni da masu tayil da ya ce su suka yi masa falo. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka san harkar a garin nan za su gane.

Maigidan ya zo da yaransa biyu, ya ja tef daga bango zuwa bangon da ke kallonsa, mita 6. Ya juya ta ɗaya gefen, mita 6. Ko zama bai yi ba ya ce, "Alhaji, shida sau shida, sukwaya mita 36. Kwali 25, ka ƙara uku na fashi, 28 ke nan." Tayil ɗin mai 60 da 60 ne, huɗu a kwali, wato kowane kwali yana rufe sukwaya mita 1.44. Kun san kuɗin kwali ɗaya a yanzu, ba sai na tayar muku da hawan jini ba.

Har na ɗauko waya zan kira mai shago sai ƙaramin yaron, wanda ke riƙe da ƙarshen tef, ya ce a hankali, "Maigida, wanga fa ba ɗaki mai kusurwa huɗu ba ne. Kusurwoyin da aka yanke iska za mu sa ma tayil?" Maigidan ya harare shi. Ni kuwa na ce a bar shi ya yi magana, tun da aljihuna ake taɓawa.

Abin da yaron nan ya yi a ƙasa da guntun alli shi ya sa nake rubutun nan. Ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya sake ja ta wasu biyun, inda suka gicciya ya ɗiga alama, ya ce nan ce cibiya. Daga cibiyar ya auna kai tsaye zuwa tsakiyar bango ɗaya, ya sami mita 3 daidai. Ya ce wannan awon shi ake kira afotem, kuma da shi da adadin bangaye kaɗai za a fitar da faɗin filin, muddin bangayen tsawonsu ɗaya ne kuma kusurwoyin iri ɗaya. Sai ya rubuta, inda A ne faɗin filin, n adadin bangaye, ƙaramin a kuma afotem:

A = n × a² × tan(180° ÷ n)

Na ce masa ni rabona da tan tun sakandare, ya yi min da Hausa. Ya ce in ɗauki rumfar kamar kankana da aka yanka gida takwas daga tsakiya. Kowane yanki alwatika ne, gindinsa bango ɗaya, tsayinsa afotem ɗin nan. Digiri 360 a raba takwas, kowane yanki ya tashi da 45 a wurin cibiya, layin afotem kuma ya tsaga shi biyu, 22.5. Rabin bango shi ne afotem sau tan na 22.5, wato 3 sau 0.4142, don haka bango ɗaya ya kama mita 2.49 in an cike. Takwas ɗinsu, zagayen rumfar ya zama mita 19.88. Rabin zagayen sau 3 ya ba da 29.82. Ya koma gajeriyar hanya don in gani da idona: 8 sau 9, 72, sau 0.4142, 29.82 ɗin dai. Sama da sukwaya mita 6 maigidan ya ɗora min, kwali huɗu da ɗoriya na wurin da babu shi.

Maigidan bai ji daɗi ba. Ya fizgi tef ya auna da kansa daga cibiyar, ya ce 3.25 ne ba 3 ba, a sake bugawa. Aka buga, ya fito 35. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Ai kusan nawa ne." Na fara shakkar yaron, wallahi. Sai ya nuna inda maigidan ya kai bakin tef: cikin lungun kusurwa, ba tsakiyar bango ba. Daga cibiya zuwa kusurwa kullum ya fi tsawo, kuma da yake lambar ana ninka ta da kanta, santimita 25 ta haifi sukwaya mita 5.

Ni ma na yi nawa abin kunyar. Na buga a wayata na sami 40.2, na ce to ga ta uku. Ashe kalkuletar tana kan RAD ne maimakon DEG, wato ba da digiri take lissafin ba. Yaron ko kallon wayar bai yi ba ya ce amsar ba ta yiwuwa. Rumfar tana cikin murabba'in 6 da 6, dole ta gaza 36. Da'irar da za ka zana a cikinta tana taɓa bangaye kuwa 3.14 sau 9 ce, kusan 28.3, dole rumfar ta fi haka. Duk abin da ya fita daga tsakanin nan, a koma a duba.

Ya ce a ƙara kashi 15 cikin ɗari saboda bangaye huɗu a karkace suke, yanka zai yi yawa. Muka sayi kwali 24. A ranar, da an ce in ba su tauraro biyar, da shida zan bayar.

To amma fa.

Aikin da suka ce kwana biyu ya ci kwana shida. Rana ta uku ba wanda ya zo, wayar maigidan a kashe. Da suka dawo babu yaron, wai an tura shi wani aiki a Jega. Ni dai na san hukunci ne. Kafin ya tafi ya auna bangayen ɗaya bayan ɗaya, ya tarar magini bai yi su daidai ba: wani 2.58, na kusa da shi 2.40. Ya ce ga yawan tayil wannan ba komai ba ne, ƙarin da muka yi zai shanye, amma a fara shimfiɗa daga cibiya a yi waje, don karkatar ta ɓace a gindin bango. Maigidan ya fara daga bakin ƙofa abinsa. Yanzu duk wanda ya zauna ta gabas zai ga layin ƙarshe ya fara da faɗin tafin hannu ya ƙare da faɗin yatsa biyu. Uwargida ta ce ba wanda zai lura. Ni kullum can idona yake zuwa, ko shayi nake sha.

Simintin da suka cike tsakanin tayil da shi ma sun bar shi ya bushe a kai, sai da yarana suka yini suna kankara. Lissafin yaron dai bai ci amana ba. Cikin tayil 96 an yi amfani da 93 har da waɗanda suka fashe, uku suka rage. Na jingine su bayan tankin ruwa saboda gyaran gaba. Da suka kwashe kayansu na duba, babu ko ɗaya. Na kira maigidan, ya ce zai tambayi yara. Har yau yana tambaya.

Tauraro biyu na ba su. Wanda zai yi falo mai kusurwa huɗu yana iya gwada su, in zai tsaya a kansu. Mai rumfa irin tawa kuwa ya ce sai da ƙaramin yaron nan mai alli a bayan kunne, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai ya ƙirga abin da ya rage.