Gwajin injiniya, farashin dila ko tsohon littafi: wanne za a bi wajen ƙayyade kuɗin bulo?

Wani ɗan ƙungiyarmu ya yi tambaya: "Ina da gidan bulo a nan Sakkwato. Ina son in tsayar da abin da bulo ɗaya mai inci 9 ya kamata ya ci mini. Injiniya ya ce a yi gwaji, akawuna ya ce littafin bara ya isa, ni kuma ina ganin farashin dila ne gaskiya. Wa zan bi?"

Alhaji, duk ukun za ka bi, amma ba a wuri ɗaya ba. Na riƙe littafin wani gidan bulo shekaru, kuma abin da na gani shi ne: gwaji yana faɗa maka yawan abin da za a zuba, dila yana faɗa maka nawa za ka biya, littafi kuma yana tona asarar da su biyun ba su gani. Kuɗaɗen da zan kawo misali ne kawai, ka sa naka a gurbinsu.

Mu fara da siminti, don nan kuɗin yake. Buhu kilo 50 ne, wannan ba gardama. Gardamar ita ce bulo nawa zai bayar. A ce injiniya ya tsaya a kan leburori, aka auna yashi da baro ɗaya, aka kwaɓa buhu biyar, kowane ya ba da bulo 30 masu ƙwari. Sai ka buɗe littafi ka ga a wata uku an ci buhu 1,200 an buga 42,000, wato 35 a buhu. Kallon farko sai ka ce littafin ya fi daɗi. Juya shafi tukuna: 3,360 sun fashe, takwas cikin ɗari. Ƙarin biyar ɗin nan yashi ne aka tura fiye da kima, shi ya sa in ka murza gefen bulon da babban yatsa sai ya zubo kamar gari. In ka ɗauki 35 a matsayin ma'auni, ka sa hannu ke nan a kan algus, kuma duk ranar da yaran suka yi aiki mai kyau littafi zai nuna sun yi ɓarna.

Shi ma gwajin yana da nasa aibin. An yi shi da safe, maigida na tsaye, ba wanda ya yi gaggawa. Bai ga ranar Afrilu da ke shanye ruwan bulo kafin ya kama jiki ba, bai ga direban da ke jifa da kaya a mota ba. Saboda haka ka ɗauki 30 daga injiniya, ka koma littafi ka nemi watannin da aka yi aiki cikin natsuwa, ka ga nawa ke fashewa ko an kula. A ce biyar cikin ɗari. To buhu ɗaya bulo 28 da rabi yake ba ka na sayarwa, kuma da wannan za ka raba kuɗi.

Wajen farashi kuwa littafi ba shi da ta cewa, don abin da aka saya bara ya wuce. Amma takardar dila ma a karanta ta da kyau. Ɗaya ya ce naira 9,500 a shagonsa, ɗaya ya ce 9,800 har ƙofar gidanka in za ka ɗauki buhu 300 a tashi ɗaya. Na farkon in ka ɗora mota da masu saukewa, a ce 400, ya zama 9,900. Na biyun ya fi sauƙi, sai dai in kai mai ɗaukar ɗari-ɗari ne, wannan farashin ba naka ba ne. Kasancewar kamfanin siminti yana nan Kalambaina bai sa kuɗin dako ya zama banza ba. Ka kuma tambayi kowane dila kwana nawa maganarsa za ta tsaya. Da 9,900, simintin bulo ɗaya ya kama wajen naira 347.

Yashi ba zan daɗe a kansa ba, illa in ce "tipa" ba awo ba ce. A sauke ɗaya, a ƙirga baro nawa ta bayar. In ta naira 60,000 ta buga 600, masu kyau 570, to naira 105 ke nan kowane. Ka tuna yashi mai danshi yana kumbura, baron damina bai kai na rani ba.

A ladan aiki ne injiniya ya fi yaudarar mutum, ba da niyya ba. Ya riƙe agogo ya ga inji na sauke bulo biyu a minti, 120 a awa, ya ninka da awa takwas ya ce 960 a yini. Littafi ya ce abin bai cika wuce 580 ba. Ba ɗaya da zan ɗauka kai tsaye. Na injiniya bai cire sallar Azahar da cin abinci ba, bai cire wanke inji da kwashe katako ba, bai kuma san ƙarfe biyu na rana a garin nan ba. Na littafi kuma ya haɗa har da ranakun da aka zauna jiran tipa, wanda laifin mai saye ne, ba na lebura ba. Ka riƙe 120 a awa, ka ninka da awannin da hannu ke kan aiki da gaske, a ce biyar da rabi: 660, masu kyau 627. Mutum biyar a kan naira 4,000 kowane, 20,000 ke nan, bulo ɗaya wajen naira 32. In kuwa a kan kowane bulo kake biya, lissafin ya yi sauƙi, amma ka san abin da ke tura yashin nan ke nan.

Sauran ɗawainiya ka raba ta biyu. Mai tafiya da aiki, kamar man janareta, a auna: lita 15 a yini kan naira 1,200 kowace lita, wajen naira 29 a bulo. Ruwa da ƙananan gyare-gyare sai rasit ɗin baya, a ce 15. Sai wadda ba ruwanta da ko an buga ko ba a buga ba: haya, mai gadi, akawu, katako, da tsufan inji. Wannan na ƙarshen mutane ke mantawa don ba mai zuwa karɓarsa. Inji da janareta na naira miliyan 3.6 da za su yi shekara biyar suna cin 60,000 duk wata. A ce jimilla 240,000. In ka raba da ƙarfin inji, wajen 23,000 a wata, za ka samu naira 10, ka yi ta murna. Ka raba da abin da kake sayarwa a wata in aka haɗa shekara gaba ɗaya, da damina da azumi a ciki. In 12,000 ne, naira 20 ce.

Haɗa su duka, bulo ɗaya ya tsaya a naira 548.

Ƙarshen wata za ka ga amfanin rarrabewar. An ci buhu 400 a kan 10,200, an samu bulo masu kyau 11,115. Ƙarin 300 a buhu ya ba da 120,000, wannan maganarka ce da dila. Bulon da aka samu kuma buhu 390 ya kamata ya ci, goma sun yi sama, 99,000 a farashin ma'auni. Wannan sai ka zaga wajen tarin fasassu da ɗakin ajiya ka kira shugaban leburori.