Yaya, ki aiko mini da zanen ƙafar yaran kafin in sayi takalman

Yaya, ina gaisuwa, da fatan su Inna da yara duk kuna lafiya. Na ga saƙonki cewa in sayo wa autarki takalmin makaranta lamba 30 in ba mai tahowa gida. Zan saya da yardar Allah, amma ki yi mini haƙuri, da lamba kaɗai ba zan shiga kanti ba. Bari in gaya miki abin da na koya a nan Landan.

Kin tuna yadda Inna take yi in sallah ta gabato? Ta zaro tsinken tsintsiya, ta gwada a tafin ƙafar kowa, ta karya daidai tsawonta, ta ƙulle a bakin zani ta tafi Ƙofar Wambai. Da na zo nan na tarar abin da suke yi ɗan'uwan wannan ne, sai dai sun sa masa ma'auni. Ranar da na fara kai ɗana kantin Clarks, a watan Agusta ne, ana shirin komawa makaranta a Satumba, kantin cike da iyaye. Ma'aikaciyar ba ta tambaye ni lambarsa ba. Ta zaunar da shi, ta auna ƙafafun duka biyu, tsawo da faɗi, sannan ta shiga ciki ta ɗauko. A wurinsu faɗi ma yana da harafinsa: F shi ne matsakaici, G mai faɗi, H wanda ya fi faɗi. Ɗana G ya ci. Awon kyauta ne, amma takalmin ya haura fam 40, duk da cewa a ƙasar nan ba a ɗora harajin saye a kan takalman ƙananan yara. A manyan kantunan cefane ana samun mai araha sosai, sai dai can babu mai auna miki, ke da idonki ne.

Da ta sa masa, sai ta ce ya miƙe tsaye, ta danna gaban takalmin da babban yatsanta. Abin da take nema shi ne sarari tsakanin yatsan ƙafar da ya fi tsawo da ƙarshen takalmin, kamar faɗin babban yatsan hannu, wato daga milimita 12 zuwa 17. Wannan sararin aiki biyu yake yi. Idan yaro yana tafiya ƙafarsa tana ɗan zamewa gaba a kowane taku, kuma ƙafar tana girma, kusan milimita 1 a wata ga ɗan shekara 3 zuwa 6. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙafar ƙaramin yaro yawancinta guringuntsi ne mai laushi, tana lanƙwasa ta bi siffar abin da aka sa ta a ciki. Shi ya sa in kin tambaye shi ko ya matse shi zai ce a'a, balle in takalmin ya burge shi.

Danna yatsan ma yana yaudara. Yaro da ya ji an taɓa gaban takalmi sai ya naɗe yatsunsa, ke kuma ki ji sarari alhali babu. Na ga ma'aikaciyar tana ɗora ɗaya hannun a kan yatsun don su miƙe kafin ta danna. Wani takalmin kuma bakinsa da tauri, ba ki jin komai ta sama. Sannan babban yatsan mijina da nawa ba faɗi ɗaya ba ne. Don haka ni yanzu na fi dogara ga zane, irin wanda baduku yake yi in zai ɗinka wa mutum takalmi.

Ki samo kwali, ko na taliya ne, ki shimfiɗa a kan siminti ko tayil, kada ki sa a kan katifa ko kafet. Ki bari sai da yamma, bayan ta gama guje-gujenta, don ƙafa takan ɗan kumbura zuwa lokacin. Ta sa safar da za ta riƙa zuwa makaranta da ita, ta tsaya a kan kwalin, nauyinta a kan ƙafafu biyu, tana kallon gaba. A zaune ƙafa ba ta bajewa, awon zai fito a takure. Ki riƙe fensir a tsaye cak ki zagaye ƙafar. In kika karkata shi ya shige ƙarƙashin dunduniya, kin rage tsawon. Ki zana duka biyun, don da wuya su zo daidai, kuma da babbar ake aiki. Sai ki sa rula daga bayan dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo. Ki lura, a wasu yaran na biyun ne ya fi babban yatsa tsawo.

Ga yadda na yi da na ɗana. Ƙafar hagu ta ba ni santimita 18.3, ta dama 18.7. Na ɗauki ta dama na ƙara milimita 12, ya zama 19.9. Lambar da muka saba da ita a gida ta Turai ce, kowace lamba kashi biyu cikin uku na santimita ce, saboda haka sai ki ninka tsawon da ɗaya da rabi. Ya ba ni 29.85, wato lamba 30. A lissafin Ingila wannan takalmin 11 da rabi ne ko 12 na yara, don su lambar yara tana kaiwa 13 ne ta sake farawa daga 1. Kin ga inda ruɗani yake shigowa in aka aiko da lamba kawai.

Ko lambar ta yi daidai, abin da aka buga a jikin takalmi ba kullum yake zama gaskiyar cikinsa ba. Na taɓa sayo wani a yanar gizo an rubuta 30, sati biyu sai ga farcen yaron ya yi ja, ga bororo a dunduniya. Da na auna cikin, santimita 19 na samu da ƙyar. Tun ranar nake yanke kwalin: daga dunduniya zuwa inda na ƙara milimita 12 ɗin, siriri kamar faɗin yatsu biyu, in zura shi cikin takalmi har ƙarshe. In ya kwanta lafiya, ya yi. In ya lanƙwashe, takalmin ya yi kaɗan. In kuma ya bar wuri yana yawo fiye da rabin santimita, ya yi yawa, kuma nan ne namu kuskuren na gida yake. Mukan ƙara lamba biyu don yaro ya daɗe yana sawa, a cusa takarda a gaba, shi kuma ya dinga ja yana tuntuɓe, yana ƙanƙame takalmin da yatsu don kada ya fita.

Abu ɗaya ne zane ba ya nunawa, tudun bayan ƙafa. Shi ya sa zan zaɓo mai igiya ko mai maɗauri, wanda za ki iya sassautawa ko ki tsuke. A nan kun fi mu, in bai yi ba ga mai gyaran takalmi a bakin layi, ga mai shago da ya san ki zai canza miki. Wanda ya taso daga nan kuwa in bai shiga ba, babu mayarwa.

In kin zana, ki rubuta tsawon kowace ƙafa da faɗinta a wurin da ya fi faɗi, ki ɗora rula a gefe kafin ki ɗauki hoto, don hoto shi kaɗai ba ya nuna girma. Ki yi shi cikin satin nan, kada ki aiko da awon watannin baya. Ki zana mini har na yayanta. A gaida Inna da kyau.