Allon tashar mota ko allon hanyar kogi: wanne zai ɗauki labarin?

Wata marubuciya ta turo tambaya: "Ina rubuta gajeren labari kan wani ɗan kasuwa da ya zo Garwa ta Kamaru, ba ya jin Faransanci. Ya ɗauki hoton allo, waya ta fassara masa ba daidai ba, ya bi ta ya sha wahala. Alluna biyu nake da su: na tashar mota, DÉPART TOUS LES JOURS SAUF DIMANCHE, da na kan hanya, ROUTE BARRÉE SAUF RIVERAINS. Wanne zan ɗauka?"

Malama, allunan nan biyu ba cuta ɗaya ke damunsu ba, saboda haka maganin da mutumin naki zai koya ma zai bambanta. Waya aiki biyu take yi a jere: ta fara karanta baƙaƙen da ke cikin hoton, sannan ta fassara abin da ta karanta. Allon tasha a aikin farko yake faɗuwa, allon hanya kuwa a na biyu.

Na tashar cewa yake mota na tashi kullum ban da Lahadi. Babu kalma mai wuya a ciki, in waya ta ga rubutun duka za ta fassara shi lafiya lau. Kafin ta yi kuskure sai kin ɓoye mata layin ƙasa. Ko dai rana ta ci fentin, ko wani ya manna takardar talla a kai, ko kuma mutumin ya tsaya kusa har hoton ya yanke ƙasan allon. Sai fassara ta fito "tashi kullum", ya zo ran Lahadi da buhunansa ya tarar da ƙofa a garƙame. Duk wannan yana faruwa, kuma gane shi ba wuya: ka ƙirga layukan da ke jikin allon, ka ƙirga waɗanda waya ta ɗauka. In uku ne a bango biyu a waya, ka ja da baya ka sake ɗauka.

Matsalata da shi a labari ita ce ba shi da nauyi. Laifin na fenti ne ko na mai manna talla, ɗan kasuwar bai yi komai ba sai rashin sa'a. Ga kuma wata: tashar mota a Garwa ko Marwa ba wurin da mutum ke rasa wanda zai tambaya ba ne. 'Yan kamasho kafin ka sauke jaka sun kewaye ka, da Fulatanci da Hausa da Faransanci. Mai karatu da ya san wurin zai ce, wane irin ɗan kasuwa ne wannan da ya bar mutane ya tambayi bango?

Allon hanya ya fi wayo. Ma'anarsa ita ce an rufe hanya, sai mazauna layin kaɗai za su shiga, don su isa gidajensu. Amma kalmar riverains a Faransanci tana da fuska biyu: asalinta mazauna bakin kogi ko tafki, daga baya aka faɗaɗa ta ga waɗanda gidajensu ke bakin titi. A nan hoton na iya fita tas, waya ta karanta kowane harafi daidai, fassarar kuma ta karkace. Ya sake ɗauka sau goma, amsar ɗaya ce. Abin ya fi faruwa in an rubuta kalmar ita kaɗai a layinta, domin waya na iya ɗaukar kowane layi kamar zance mai zaman kansa, sai kalmar ta rabu da "hanya" da za ta nuna mata fuskar da ake nufi.

Ga inda na fi son shi. Garwa a bakin Binuwai take. Ki sa mutumin naki ya taho daga Mubi a watan Agusta, da a-kori-kura, zai gangara bakin ruwa ɗaukar busasshen kifi. An yi ruwa da asuba, unguwar shiru. Ya iske ganguna biyu da katako a gicciye, da allo. Ya ɗauki hoto, waya ta ce, "An rufe hanya sai masu bakin kogi." Direbansa ya ce, "Alhaji, ko mu tambaya?" Ya ce, "Tambayar me? Ai mu ake nufi, ba bakin kogin za mu ba? Kawar da gangar." Kin ga waya ba ta ce masa wuce ba. Rabin magana ta ba shi, shi ya ƙarasa ta da abin da ransa ke so, don yana sauri kada wani ya riga shi kifin. Mai karatu ma zai ruɗu tare da shi, wanda shi ne abin da allon tasha ba zai iya yi ba.

Gaba kaɗan kwalbati ta karye, ruwa ya rufe ramin, tayar gaba ta nutse har gatari. Samarin unguwa suka fito. Kada ki manta da lissafin sefa, yana ƙara wa labari ƙamshin wurin: dala ita ce faran 5, jaka kuma faran 1,000. Su ce jaka goma, a daidaita a biyar, a kawo katakai da duwatsu. Wanda zai warware masa kalmar kada ya zama malamin makaranta mai dogon bayani. Tsohuwa mai tuyar ƙosai a ƙofar gidanta ta isa: "Ɗana, allon nan namu ne, mu 'yan layi. Mu ma nan muke ajiye babur mu ƙarasa da ƙafa."

Sai dai ki yi abu ɗaya kafin ki rubuta. Ki rubuta allon a kwali, ki ɗauke shi da wayoyi biyu ko uku, ki ga abin da za su ce da Hausa. Manhajojin suna canzawa, wata za ta ba ki "mazauna" kai tsaye. In haka ta faru, ki raba kalmomin layi uku da rubutun hannu mai karkata irin na mai fenti, ki sake. Abin da ya fito a wayar shi za ki sa a bakin labarin, don akwai masu karatu da za su gwada.

Wurin nuna ya koyi darasi ma allon hanya ya fi ba ki fili. Da allon tasha, iyakarsa ya ja da baya ya sake ɗaukar hoto, layi ɗaya ya ƙare. Da na hanya kuwa sai ya nemi shaida daga wajen wayar. Ki kai shi Kuseri bayan wata biyu, zai haye gadar Ngeli ya shiga Injamena, inda alluna da yawa ke da Faransanci da Larabci tare, tunda su ne harsunan hukuma a Chadi. Ya ɗauki gefen Faransancin, ya ɗauki na Larabcin, ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ya dubi ƙasa, ko akwai sabon sawun taya bayan shingen. Sannan ya sauke gilashi ya yi wa mai shayi sallama. Kada ya furta cewa ya yi hankali. Direban ya kalle shi ya kawar da kai yana murmushi, ya wadatar.

Ni dai na hanya zan ɗauka. Na tashar kada ki yar da shi: ki sa shi a farkon labarin, a ranar da waya ta fassara shi daidai har ya cece shi daga zuwan Lahadi, don mai karatu ya san dalilin da ya sa Alhaji ya yarda da ita haka a gaban gangunan nan.