A ajiye littafi rana ɗaya, ko a haɗa shi da manhaja?

"Ina da shagon sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, yarana tara. Na sa manhajar lissafin kaya, sun ƙi ta, kullum sai su ce ba netwok. In karɓe littafin rana ɗaya, ko in bari su riƙa yin biyun har su saba?"

Alhaji, haɗa biyun ya fi kwantar maka da hankali, domin in an yi kuskure a kwamfuta littafi na nan. Amma wa ke ɗaukar nauyin? Yaron da ke kan tebur ne zai rubuta buhun sukari sau biyu ga layin kwastomomi a gabansa. A wurinsa manhaja ƙarin aiki ce kawai, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da zai biyo baya sananne ne: da rana a yi ciniki da littafi, bayan la'asar mutum ɗaya ya zauna ya kwafe. Duba lokacin da manhajar ta nuna an shigar da kowane rasit. In ka ga cinikin yini guda ya taru tsakanin ƙarfe biyar da shida, to ba su fara amfani da ita ba tukuna.

Karɓe littafi rana ɗaya yana yanke wannan, sai dai ba ya yafe rashin shiri. In adadin kayan da aka fara shigarwa bai dace da na sito ba, ranar farko kwamfuta za ta ce katan ashirin, sito ya ce sha bakwai, shi ke nan masu ƙi sun samu hujja. Haka in wuta ta ɗauke babu inbata. Kada kuma ka gwada shi gab da azumi.

Ni dai da zan haɗa su wata ɗaya tak, in faɗi ranar ajiye littafi tun farko, ta faɗo kan ranar ƙirgar kaya. Kowace yamma a daidaita biyun kafin a rufe shago. Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka da manhajar ko tana aiki ba netwok, in tana yi, wannan uzurin ya ƙare.

A cikin watan za ka ga masu ƙin iri biyu ne. Akwai dattijon da ke jin nauyin yaro ya ga yana lalube a kibod. Shi a koya masa a keɓe, ba a gaban na ƙasa da shi ba. Akwai kuma wanda ya iya sarai, waya ba ta barin hannunsa, amma littafi ne ke rufa masa bashin da yake bayarwa ba da saninka ba, ko ɗan abin da yake ɗorawa a kan farashi. Alamarsa ita ce son shiga da lambar sirrin wani. Ka ba kowa tasa lambar, ka hana aro, gyara farashi da soke rasit kuma su tsaya a hannunka kai da manaja.